Layi Biyu a Gindin Tuta

Malam Yohanna ya shekara ashirin yana koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Tarauni, kuma ajinsa ba shi da rabin rufi tun zamanin soja. A filin makarantar, gindin sandar tuta, ya taɓa ja wa ɗalibansa farin layi mai fuskantar arewa. Duk sa'ad da inuwar sandar ta hau layin, rana ta raba tsaka, nan ne inuwar ta fi gajarta.

A watan Fabrairu, bayan farar hula sun karɓi mulki, aka aiko cewa kansilan mazaɓa, Honarabul Audu, zai zo duba makarantar. Shugabar makarantar, Hajiya Binta, ta kira Yohanna ofis.

"Malam, layin nan naka za mu nuna masa. Sha biyu daidai, ya ga inuwa ta hau, ya san muna aiki. Wataƙila mu sami kwanon rufi."

"Ranki ya daɗe, ba za ta hau da sha biyu ba. Sai ɗaya saura minti ashirin."

"Saboda me?"

Ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba, ƙafafunsa sun gaji da tattaki daga Gyaɗi-Gyaɗi. Ya ce agogon ƙasar nan an saita shi ne da layin digiri goma sha biyar gabas, can gaba da Maiduguri, cikin ƙasar Chadi. Kano kuwa tana kan takwas da rabi. Kowane digiri rana na cin minti huɗu kafin ta ƙetare shi, shida da rabi sau huɗu, ashirin da shida ke nan. Ban da wannan, ita kanta ranar ba ta tafiya daidai da agogo duk shekara: a Nuwamba takan riga shi da minti sha shida, a tsakiyar Fabrairu takan makara da sha huɗu.

"Na gane," in ji Hajiya, tana murza goshi. "Amma mutumin nan ba zai tsaya minti arba'in yana gadin inuwa ba. Goge layin, ka matsar da shi."

"Ba zan iya ba, Hajiya. Da shi nake koyarwa."

Ita ma a gajiye take. Damina uku tana kwashe yara daga aji zuwa baranda.

A ƙarshe ya sayo fenti ja, ya tsaya da agogonsa ana jibi baƙon zai zo, ya ja layi na biyu yamma da na farko, inda inuwa ke kwanciya da sha biyun agogo a waɗannan kwanakin. Ya rubuta "Agogo" a kan jan, "Rana" a kan farin.

Honarabul ya zo da jama'arsa, babbar riga na ta ƙamshin sabon ɗinki. Sha biyu ta buga, inuwa ta kwanta kan jan layi, yara suka tafa. Sai ya nuna farin da tsinin takalmi.

"Wannan fa, Malam?"

Yohanna ya fara bayani. Bai kai ga Chadi ba Honarabul ya katse shi.

"Wato agogonmu gaba yake da rana? Kun ji ko! Har agogo sojoji suka lalata mana!"

Fili ya ɗauki dariya da tafi. Yohanna ya buɗe baki zai ce abin ya girmi sojoji, ba kuma lalacewa ba ce, sai suka haɗa ido da Hajiya. Ba harara ta yi masa ba, roƙo ne. Ya rufe bakinsa. Kafin inuwar ta kai farin layi, motoci sun fice, an kwashe kujeru.

Kwano ya zo bayan wata biyu, bandir uku, ya rufe ajin Yohanna da na kusa da shi. Malamin ya yi godiya har zuciya.

Da jarrabawar zango ta zo, ya tambayi yara dalilin da ya sa tsakar rana a Kano ba ta dacewa da sha biyun agogo. Ranar Asabar da hantsi ya zauna a ƙofar ɗakinsa yana duba takardu, matarsa Jummai na tsince shinkafa a gefe. Fiye da rabin ajin sun rubuta cewa sojoji ne. Wata yarinya ma ta yi lissafin daidai, ashirin da shida, sannan ta ƙara a ƙasa cewa gwamnatin farar hula za ta gyara.

Ya karanta wa Jummai. Ta yi dariya har ta ajiye faranti.

"To, ka ba ta maki ko ka hana?"

"Na ba ta," ya ce. Ya cire tabarau ya shafa idanunsa. "Litinin sai in sake daga farko."

Ya jawo takarda ta gaba.