Sauran Wata Huɗu

A watan Janairu Muttaka, direban ƙungiyar manoman albasa ta Madawa, ya kai jika ɗari uku da sittin, wato sefa dubu ɗari uku da sittin, kamfanin asiransi, kuɗi hannu, inshorar babbar motarsu ta shekara guda. Ya dawo ya ajiye wa Raihanatu rasit a tebur. Ita ce kwantabul, mai riƙe littattafan ƙungiyar, kuma ita ce aka sa musu ranar aure da shi a ƙarshen Disamba.

"To, kuɗɗi sun tahi," in ji shi.

"Ba su tahi ba tukuna," ta ce. "Mun biya kahin mu mora. Ajiye su nike gehe guda, duk ƙarshen wata in cire jika talatin in kai cikin abin da munka kashe. Disamba su koma sihili."

Ya ƙirga da yatsu, ya washe baki. "Ashe littahinki na ƙirga muna kwanan aure!"

Daga nan ya sami abin yi. Mutumin da ko lambar wayarsa ba ya riƙewa, ƙarshen wata bai taɓa wuce shi ba. Sai ya leƙo ta taga yana warin albasa. "Kwantabul, saura nawa?" Ta ce ɗari uku da talatin, wata na gaba ɗari uku, tana ɗaure fuska alhali daɗi take ji.

A watan Yuni zazzaɓi ya kama shi a hanyar Bangi. Kwana uku ya yi, ya rasu.

Raihanatu ba matarsa ba ce, don haka babu takaba, babu mai zuwa yi mata gaisuwa. Bayan sadakar bakwai ta koma ofis. Ƙarshen Yuni ta cire talatin, ta faɗa wa taga abin da ya rage. Haka Yuli, haka Agusta. Ta san shirme ne, amma shi kaɗai ya rage mata, kuma tana da shi har Disamba.

Ranar ɗaya ga Satumba Alhaji Manzo, shugaban ƙungiyar, ya shigo da ambulan. An rasa direban kirki, an sayar da motar, an soke inshorar, kamfani ya maido kuɗin wata huɗun da ba a ci ba.

"Jika ɗari da ashirin, ɗiyata. Ki rufe wanga lissahi yau."

"Baba Alhaji, a bar ni in riƙa cire shi wata-wata mana."

"Ki cire mi? Babu mota, babu asiransi. Ke kinka koya muna hakanan."

Gaskiya ya faɗa, ita ce kuwa ta fi ƙona mata rai. Ta ƙirga kuɗin sau biyu, ta shigar da su akwati, ta koma shafin ta rage ɗari da ashirin a layi ɗaya. Ta rubuta sifili.

Alhaji ya fita. Ta dubi taga, hawaye suka zubo.

"Babu saura, Muttaka," ta ce.