Lambar Gaggawa a Masaukin Ɗorawa

Wata biyu Kubura ta yi a teburin kama ɗaki na Masaukin Ɗorawa da ke Kalgo, saura wata ɗaya manaja ya yanke ko za a riƙe ta. Shi kuwa manajan, Alhaji Sirajuddeen, mutum ne da ba ya yafe kuskure. Lukuman, wanda ya riƙe teburin kafin ta, shekara shida ya yi, amma ranar da ya ba mutum biyu ɗaki ɗaya aka nuna masa ƙofa.

Ana jibi Sallah manaja ya ce a rufe tebur kwana huɗu, mai gadi da mai shara kawai za su zauna. Ya ce ta kunna amsar da imel ke mayarwa da kansa, ta sa lambarta don masu gaggawa.

Kubura na sauri kada motar Gwandu ta cika. Ta buɗe saitin, sai ga saƙon bara yana nan daram: "Assalamu alaikum. Teburin kama ɗaki yana rufe don hutun Sallah, za mu amsa saƙonku idan mun dawo. Wanda zai sauka a cikin kwanakin nan, ko yake da gaggawa, ya kira wannan lamba." Ta ce kai, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ta canza ranar farawa da ta ƙarewa, ta adana, ta suri jakarta. Layin ƙarshe ko kallo bai ishe ta ba.

Kwana biyu a Gwandu wayarta ba ta yi ƙara ba. Ta ci nama, ta sha kunun zaƙi, har tana yi wa yayarta Jidda burga cewa aikin ilimi ke nan, na'ura na aiki kai kana hutawa.

A rana ta uku da hantsi aka yi sallama da ita. Ta fito zaure ta tarar da wani mutum tsaye kusa da babur, buhun albasa ɗaure a baya, takarda a hannunsa.

"Malama Kubura ko? Ni na Lukuman. Mai gadinku ya kwatanta min gidanga."

Ya miƙa mata takardar. Sunaye bakwai ne, kowanne da lamba da ranar zuwa, cikin rubutu mai tsabta.

"Mi wannan, Malam?"

"Waɗanda sunka kira ni. Lambata ce ƙasan saƙonki."

Kubura ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta riga ta ga manaja yana karɓar makulli daga hannunta, ga tsohon mai teburin kuma tsaye da hujja a rubuce.

Lukuman bai lura ba, lissafi kawai yake. Biyar ba gaggawa suke ba, ya ce su jira Litinin. Na shida wani malamin jami'a ne da ya manta caja. Ta bakwai ce matsalar: wata Hajiya daga Zuru ta kama ɗaki tun wata guda, ta iso jiya da mahaifinta mai keken guragu, ta tarar ɗakinsu a bene yake.

"Ina tsakar kasuwa ta kira, muryarta na rawa. Na ce mai gadi shi buɗe musu ɗaki lamba uku, shi ne ba shi da matakala. Ki gyara a littafinku kada a ba wani."

"Alhaji ya sani?" ta tambaya.

"Mi za shi kai ni gun Alhaji? Ni na san ɗacin abin, ba ni so wa kowa."

Nan take ta ciro waya, ta shiga imel ɗin masauki, ta goge lambarsa ta sa tata. Ta tura gwaji daga nata adireshin, amsa ta dawo da lambar da ta dace. Ta nuna masa.

"Shi ke nan, Malam, ka huta. Ba mai sake damunka."

Lukuman ya daɗe yana kallon fuskar wayar, fiye da yadda karanta layi ɗaya ke buƙata.

"Ai ba damu ba ne," ya ce, yana gyara igiyar buhun. "Kiran farko da ya shigo, ban san sanda na ce 'Masaukin Ɗorawa, barka da zuwa' ba. Masu albasa sai dariya suka yi."

Ya tada babur. Har ya ɗan yi gaba ya tsaya, ya waiwayo.

"Tsohon nan, baban Hajiya, ba ya shan shayi da sukari. Ki faɗa wa su mai gadi."