Ranar da Goggo ta juya baya

Mako uku ke nan merang yana kuka a kicin ɗin gidan abincin, kuma kowa ya san a kan wa za a ɗora laifin. Merang dai farin ƙwai ne da sukari, a buga su sai sun zama kumfa mai tauri, a busar a oben da wuta kaɗan. Shekara ashirin da shida Goggo tana yin sa a kan teburinta na kusa da taga, yana fitowa fari fat, busasshe, in ka ɓalla shi ya ce ƙaras. Yanzu kuwa sai ya fito da ɗige-ɗigen ruwan sukari a jiki kamar goshin mai zazzaɓi, kafin la'asar ya yi laushi ya kama yatsa.

Goggo ta san dalili sarai. Dalilin yana yawo a kicin da doguwar hula a ka.

Ɗan ƙanenta ne. Ƙanen nata shi ne mai gidan abincin, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita kuma ta tsaya masa a bakin oben tun wurin yana da tebur huɗu kacal. Sai ya tura ɗansa kwas ɗin wata tara, yaron ya dawo da takardar shaida a cikin gilashi da hular da ba ta shiga ƙofar sito sai ya sunkuya. Ma'aikata suka sa masa Doguwar Hula. Uban kuma ya sa masa shugaban kicin.

A makonsa na farko ya manna ƙa'idoji a bango, an buga da inji, da sa hannunsa a ƙasa mai wutsiya. Sukari mai laushi da Goggo take amfani da shi an daina saye, sai buhun mai manyan ƙwayoyi, a juye shi gaba ɗaya cikin sabon injin bugawa, a murɗa shi zuwa ƙarshe, minti huɗu. Lemon tsami an hana, wai ba a sa tsami a kayan zaƙi. Kantar da ake shanya tire an ɗauke ta daga gefen taga an kai ta kusa da wurin wanke-wanke, don a takardar da ya zana nan ne ta fi kyan gani. Ƙa'ida ta bakwai kuwa da jan biro ya ja mata layi: ba a taɓa abinci sai da safar hannu.

"Goggo, zamani ya canza," in ji shi, yana murmushi irin na likita ga majinyaci. "Waɗannan abubuwan naku duk camfi ne."

"To, ranka ya daɗe," in ji Goggo.

Ta taɓa wanke masa kashi, don haka ranka ya daɗen nan kowa a kicin ya ji nauyinsa ban da shi. Daga ranar ta bi takardarsa harafi da harafi. Ya ce a juye, ta juye. Ya ce minti huɗu, ta zuba wa agogo ido. Tana kallon kumfar tana fitowa gaya-gaya, ba sheƙi, ta san tun a kwano cewa ta mutu, amma ta jera ta a tire da ladabi ta kai kan kantar da ke bakin tururin wanke-wanke, ga damina ta sa iska ta yi nauyi. Ba a tambaye ta ba, ita kuwa ba ta ga dalilin da za ta koya wa mai takarda karatu ba. Raini ne ya cika mata ciki, kuma gaskiya daɗinsa take ji.

Abin da ba ta yi lissafi da shi ba shi ne bakin yaron. Kullum da yamma yana ofishin ubansa. Goggo ido ya yi rauni. Goggo hannu yana rawa. Goggo ba ta auna abu daidai.

Ranar Alhamis da hantsi ƙanen nata ya shigo kicin, yana taka ƙasa a hankali don kada takalminsa ya jiƙe. Ya tsaya a gefen teburinta yana wasa da makullin mota.

"Yaya, kin yi ƙoƙari. Wallahi kin yi ƙoƙari. Ina ganin bayan odar Asabar ki huta haka nan."

"Na ce maka na gaji?"

"Ba haka ba ne. Baƙi suna ƙorafi. Jiya wata ta dawo da faranti, ta ce kamar an lasa."

Goggo ta dube shi, tumbi ya yi gaba, gemu ya fara fari, amma har yau in zai yi rashin gaskiya sai ya sosa bayan kunne kamar lokacin da yake satar sukari a gwangwaninta. Abin ya yi mata ciwo, ciwo sosai. Teburin nan shi ne abin da take da shi. In an raba ta da shi, sai zaman tsakar gida da jiran a tuna da ita.

"Gobe da safe," ta ce, "ka ba ni tire ɗaya, ka ba ɗanka tire ɗaya. Ƙwai iri ɗaya, oben ɗaya. Shi ya bi takardarsa, ni a bar ni da camfina. Ka zo da kanka ka gani."

Doguwar Hula ya yi dariya ya ce ya yarda. Ai zai yarda, tunda bai taɓa yin abin da hannunsa ba tun da ya dawo.

Da safe ya riga ta farawa. Ya sa safar hannu shuɗiya, ya juye sukari, ya murɗa inji har tebur yana rawa, yana yi wa ubansa bayani da manyan kalmomi. Minti huɗu ya kashe. Kumfar ta tsaya, ya ɗaga kwano ya nuna wa kowa kamar ya ciro jariri.

Goggo kuwa ta fara nata. Ta zuba sukarin nan nasa a injin niƙa ta mayar da shi laushi, ta tankaɗe. Ta yanka lemon tsami, ta goge cikin kwano da ɓari ɗaya don ko ɗigon maiƙo kada ya saura, ta fasa ƙwai ɗaya-ɗaya a kofi, kada gwaiduwa ta faɗa. Ta kunna inji a hankali. Da farin ƙwan ya fara kumfa ta matsa lemon, rabin ƙaramin cokali.

"Yaya, ba zai yi tsami ba?" in ji ƙanenta.

"Shekara ashirin da shida kana ci, ka taɓa jin tsami? Shi ke riƙe kumfar. In babu shi, kana ƙara bugu kaɗan sai ta tsinke ta saki ruwa ta zauna."

Sai ta fara zuba sukari cokali-cokali, tana jira tsakanin kowane.

"Wannan ai sai a kwana," in ji Doguwar Hula.

"Sukarin da bai narke ba yana nan a ciki da ƙishirwarsa," in ji Goggo, ba ta ko dube shi ba, da uban take magana. "Ya ja ruwan ƙwan, ya narke a oben, ya tsattsafo waje. Shi ne hawayen da kuke gani. Wanda ya tsira kuma, ku kai shi bakin tururi ya sha iska mai laima. Sukari ba ya ganin ruwa ya ƙyale, ko a iska yake."

Ta lura yaron ya matso kusa. Ta kuma lura ya zaro ƙaramin littafi daga aljihu, yana rubutu a ƙasan tebur, yana satar kallon agogo. Sukari mai laushi. Cokali-cokali. Lemon. Wurin shanya tire. Duk abin da ta faɗa yana shiga littafin, ita kuma da bakinta take zuba masa.

Saura abu ɗaya. Ba agogo ke gaya wa Goggo sukari ya narke ba. Takan kashe inji, ta ɗebo kumfar a ɗan yatsa, ta murza da babban yatsa. In ta ji ƙwaya ko ɗaya tana gurzar fata, a ci gaba da bugu. In ta ji sumul, an gama. Wata rana minti takwas ne, wata rana sha huɗu, ya danganta da sanyin ƙwai da laushin sukari. Duk wanda ya taɓa aiki a gefenta ta kama hannunsa ta koya masa wannan, har masu wanke-wanke, amma duk sun watse, wasu ma Doguwar Hula ne ya sallame su.

Ta kashe inji. Ta ɗauke kwanon kamar za ta gyara masa zama, ta juya musu baya, ta murza. Da saura. Ta mayar, ta ƙara minti biyu, ta sake juya baya tana tari. Sumul. Ta goge yatsa a cikin aljihun rigar aikinta.

Awa biyu tire biyun suka yi a wuta kaɗan, aka kashe oben aka bar su suka huce a ciki. Nasa ya fito da ɗigon ruwan sukari launin zuma a gindi, wasu sun zauna. Ya kai su kantarsa don kada a ce ya karaya, kafin la'asar suna manne wa takarda. Nata ta zuba a gwangwani ta danne murfi. Da ƙanenta ya ɓalla ɗaya, har mai yanka albasa a can ƙarshen kicin ya ji ƙaras ɗin.

Ƙanen ya tauna, ya haɗiye, ya sosa bayan kunne. Ya ja ta gefen sito.

"Yaya, maganar hutu a bar ta. Teburinki naki ne. Amma don Allah kada ki kunyata min shi a gaban ma'aikata. Za a ce shi ya sake nazari ya gyara ƙa'idar. Yaro ne, yana bukatar a girmama shi."

"Ni kuma da aka ce hannuna yana rawa?"

"Haba Yaya, ke ai babba ce."

Ta dube shi har sai da ya kawar da kai. Wannan ne ta goya. Raininta ga ɗan bai kai rabin wanda ta ji wa uban a lokacin ba.

Ranar Asabar da safe sabuwar takarda tana bango, da sa hannu mai wutsiya. An mayar da kantar shanya tire gefen taga. Goggo ta sa tabarau ta karanta daga sama har ƙasa: sukari mai laushi, cokali-cokali, lemon tsami rabin ƙaramin cokali, gwangwani mai murfi. A layi na biyar ya rubuta, a buga minti goma sha ɗaya daidai. Ƙa'idar safar hannu tana nan da jan layinta.

Yana tsaye a bayanta, hula tana neman taɓa fanka.

"Goggo, akwai abin da na manta?"

A muryarsa ta ji yaron da yake tsayawa a gefen teburin nan yana miƙo hannu a ba shi ɓallin merang. Yatsunta biyu suka murza juna a cikin aljihu. Ta tuna ofishin ubansa, da yamma, da ƙofa a rufe.

"Babu, ranka ya daɗe," ta ce. "Ka rubuta komai."

Ta ɗauki kwanonta ta koma teburinta, ta tsaya yadda bayanta zai tare shi.