Giram Hamsin

Ranar da aka karanta Fatihar baikon Wa'il da Nirmin a garin Tanta na ƙasar Masar, mahaifin yarinyar, Hajji Subhi mai sayar da siminti, bai yanka kayan sa-rana da kuɗin fam ba. Giram hamsin na zinari ya ce, a saya in yaron ya gama hidimar soja. A lokacin giram yana fam ɗari takwas.

Uban ango, Ra'afat, tsohon akawun hukumar ruwa, ya ware fam dubu arba'in da biyar daga kuɗin sallamarsa, ya naɗe a leda, ya cusa saman kwabad. Matarsa Tahani ta yi magana har bakinta ya gaji.

"Abu Wa'il, ka sayi zinarin nan tun yanzu mu huta."

"In biya ladan maƙeri, in ajiye ƙarfe yana barci? In farashi ya faɗi fa?"

"To ka kai banki. Ƙanwata ta sayi takardar ajiya, duk wata ana ba ta riba."

"Ribar da ba ta kamo farashin tumatir ba."

Nan kam ya yi gaskiya, sai dai ledarsa ko wannan ɗin ba ta haifa. Dala kuwa ya ce harkar 'yan bayan fage ce. Kowace shawara yana da amsarta a aljihu, irin mutumin da bai taɓa sayar da ko allura ba amma ya fi 'yan kasuwa sanin kasuwa. Tahani ta ga maƙwabta suna maida kuɗinsu abin da ido ke gani: wannan ya kama fili, wancan ya biya kafin alƙalamin gida, matar mai gadi ma ta jibge firji da injin wanki cikin kwali don auren 'yarta mai shekara goma. Shi kuwa gogan duk Juma'a sai ya taka kujera ya shafa ledar, ya sauko yana murmushi. Kuɗin kilon nama ya ninka, ya sake haurawa, bai ga abin da ya haɗa nama da kwabad ɗinsa ba. Takaici ya ishe ta, ta daina tankawa.

Bayan shekara uku iyalan biyu suka ɗunguma shagon Girgis maƙerin zinari, kamar yadda aka saba, mata suna guɗa tun daga bakin titi. Ra'afat ya dire ledar a kan gilashi kamar wanda ya kawo kan zaki.

"Ƙirga, maigida Girgis. Ko fam ɗaya bai yi ciwon kai ba."

Girgis ya ƙirga, ya danna na'urar lissafi.

"Lafiyarsu ƙalau, Ustaz. Giram sha uku za su ɗauka, har da ladan aiki. Yau giram dubu uku da ɗari biyu ne."

Guɗa ta tsaya. Nirmin ta zare abin wuyan da take gwadawa ta ajiye a hankali.

"Wannan ai sata ce," in ji Ra'afat. "Zinari ya haukace."

"Zinari yana inda ka bar shi, surukina," in ji Hajji Subhi. "Fam ɗinka ne ya rame. Kana tsammani don ado na ce giram? Ni in na sayar da buhun siminti, ba na barin kuɗinsa ya kwana a takarda. Hamsin muka yi a gaban maza. In babu, kowa ya kama gabansa, ba faɗa."

Tahani ta dubi ɗanta. Wa'il ya sunkuyar da kai, kunnuwansa sun yi ja, yaron da ya ƙare shekarun bariki yana zancen wannan rana. Ta dubi mijinta, ta ga yana ta bayani wa mutanen da ba sa saurarensa cewa farashin zai sauko bayan Sallah. A ranta ta ce, wai da wannan na yi shekara talatin.

Ta ja hannun rigarta sama. Warwaro huɗu ne na zinari, gadon mahaifiyarta, su ne asibitinta, su ne abin da za ta jingina da shi in tsufa ya zo.

"Auna waɗannan, maigida Girgis."

"Mama, kada ki yi," in ji Wa'il.

"Rufe min baki."

Sun ƙi fita, don hannun ya yi kauri. Sai da Girgis ya kawo ruwan sabulu aka murza, fata ta saɓule a bayan babban yatsa. Giram arba'in suka yi. Da aka cire abin da ake cirewa a tsohon zinari, aka haɗa da ledar, hamsin ta cika da ƙyar, har fam ɗari biyu suka yi saura. Girgis ya miƙo su, Ra'afat ya riga kowa karɓa, ya soke a aljihu.

Guɗa ta dawo. Ra'afat ya juya wajen Hajji Subhi yana gyara wuyan riga.

"Ka gani ko, Hajji? Mu gidanmu ba a kama mu ba shiri."

Tahani ta sauke hannun rigarta ta rufe wurin da ke zafi.