Sha Biyu Ta Fi Goma

A duk faɗin Gwandu babu wanda ya kai Alhaji Basharu sanin lissafi. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma tun da ya yi shekara talatin yana duba makarantu, ba a taɓa samun mai musa masa ba.

Da ƙanensa Lawal ya rasu ya bar 'ya ɗaya, Fatiha, mai shekara uku, aka raba gado ta tashi da naira miliyan ɗaya. Dangi suka amince a ajiye kuɗin a banki shekara goma sha biyar, sai ta isa shiga jami'a. Liman ya yi tsokaci a kan kuɗin ruwa, aka saurare shi da ladabi, aka raka shi bakin ƙofa.

Mu'az, autan gidan, akawu ne a Kalgo, shi ya kawo bayanin banki. Tsari biyu ne, kuma a kowanne ba a taɓa ko kwabo sai wa'adi ya cika. Na farko yana ba da kashi goma sha biyu cikin ɗari duk shekara, amma a kan uwar kuɗi kaɗai. Na biyu kashi goma ne, sai dai ruwan kowace shekara yana hawa kan uwar kuɗi, shi ma ya haifi nasa.

Alhaji Basharu ya gyara zama a zaure, dattijai na kewaye da shi.

"Mi ad da wuya nan? Sha biyu ta fi goma. Ko a Kalgo an canza?"

Aka yi dariya.

"Yaya, na biyun yana da wani..."

"Auta, ni na koya maka ƙirga yatsu. Bana dubu ɗari da ashirin, naka dubu ɗari. Baɗi fa?"

"Dubu ɗari da goma, Yaya."

"To, ka ji."

Mu'az ya san sauran. A shekara ta biyar tsarin Yaya zai kai miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, ɗayan ya ɗara shi da dubu goma, daga nan kuma ba za su sake haɗuwa ba. Amma a gidansu ƙane ba ya gyara wa wansa magana a gaban baƙi, sai dai ya bi shi ɗaki daga baya. Ya yi niyyar bin sa. Washegari da safe, kafin ya gama tsara kalmomin da ba za su ɓata wa kowa rai ba, Alhaji ya riga ya je ya sa hannu.

Shekaru suka wuce. Larai, uwar yarinyar, tana ɗinki tana ciyar da ita, kullum tana ce mata, "Ke dai yi karatu, Baffanki ya ajiye miki."

Fatiha ta yi karatu. Ta samu gurbi a jami'ar da ke Kalgo a shekarar da wa'adi ya cika. Larai ta zo gidan Mu'az ta zauna a gefen tabarma, ta ce ya duba mata ko kuɗin za su kai. Ya haɗa kuɗin makaranta, ɗaki, abinci da kwamfuta na shekara huɗu, ya ga abin yana neman miliyan huɗu. Banki kuwa zai ba da dubu ɗari da ashirin sau goma sha biyar, wato miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, a haɗa da uwar kuɗi, miliyan biyu da dubu ɗari takwas. Da an bi ɗaya tsarin, da yanzu ana maganar miliyan huɗu da dubu ɗari da saba'in da bakwai.

Larai ta ce, "Baban Safiya, za su kai?"

"Za su kai, in sha Allahu."

Ranar Juma'a Alhaji Basharu ya tara mutane a zaure, ya tsufa amma murya na nan.

"Miliyan ɗaya na karɓa, na mayar da ita kusan uku. Da na bi ta yaran zamani, da yanzu muna ina? Auta, faɗa masu."

"Allah ya saka da alheri, Yaya."

Aka shafa fatiha, aka yi wa marigayi addu'a. Wani dattijo har da hawaye.

Mu'az yana da gonar shinkafa a Kambaza, rabonsa na gadon mahaifinsu, wadda ya yi niyyar komawa in ya yi ritaya. Ranar Litinin ya kira maƙwabcin gonar, wanda ya daɗe yana zawarcinta. Ba su ja ciniki ba. Ya zuba miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da saba'in da bakwai a asusun Fatiha, ya roƙi Larai kada maganar ta kai zaure. Da yamma ya hau babur ɗinsa ya koma Kalgo.