Kalmar Ƙasan Shafi

Kwana tara ke nan Baba bai sha maganin hawan jininsa ba, kuma duk laifin hoto ɗaya ne.

Gwaggo, ƙanwarsa, ita ta jawo. Ta tashi kwashe tarkacen ɗakin marigayi mahaifinsu, ta buɗe wata tsohuwar akwatin ƙarfe, ta ci karo da takarda guda mai rubutun ajami. Maimakon ta ajiye, sai ta kai wa maƙwabcinta mai gyaran rediyo, wanda ajaminsa bai wuce na kame-kame ba. Shi kuma ya tsinto abin da ya iya: "Kai ɗana ka ƙi gargaɗi." A ƙasansa kuma: "Ba ni ba kai." Shi ke nan fa, Gwaggo ta buga waya tana kuka, ta turo hoton.

To, Baba yana da tsohon miki. Yana saurayi ya bar gida ya bi babbar mota, ya ƙi zaman karatun da mahaifinsa ya so masa. Kafin ya dawo su shirya, tsohon ya rasu. Shekara hamsin yana haɗiye abin. Yanzu idonsa ya yi yana, ba ya iya karanta komai da kansa, sai ya ɗauki maganar mai rediyo ya rungume.

"Wanda ubansa ya sallama shi a rubuce, me ƙwaya za ta yi masa?" Haka yake ce wa Auta kullum in ta miƙo ruwa da magani.

Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe, kuma ba ta da haƙurin irin wannan. Tsoro ya cika ta, haushin Gwaggo ya fi tsoron yawa. Ranar ta goma ta nemi izini a wurin aiki, ta nufi ɗakin adana tsofaffin rubuce-rubuce na jami'a.

Ɗaki ne mai sanyi a hawa na biyu, kwalaye jere a kan kantoci, ko'ina ƙanshin tsohuwar takarda. Mai kula da wurin wata dattijuwa ce, gajeriya, tabarau rataye a wuya. Auta ta yi mata bayanin wasiƙar, ta miƙa mata wayarta. Ta karɓa, ta buɗe hoton da yatsu biyu.

"Wa ya ce miki wasiƙa ce, 'yata?"

"Mai gyaran rediyo, Malama."

"Allah ya ba shi sa'a a rediyonsa. Matso ki gani. Kada ki karanta komai, ki kalli zaman rubutun kawai."

Auta ta matso. Rubutun ya rabu gida biyu, dama da hagu, da fili a tsakiya. A kowane layi, cikin filin nan, akwai ɗigo uku ja.

"Mai rubuta wa ɗansa wasiƙa cikin fushi ba ya tsayawa raba layi biyu yana ƙawata shi da jan tawada," in ji Malama. "Dubi ƙarshen layukan ta hagu. Me kika gani?"

"Duk iri ɗaya ne."

"Harafi ɗaya suke ƙarewa da shi, daga sama har ƙasa. Amsa-amo ke nan. Waƙa ce, ta wa'azi. Mutuminku ɓangaren dama ya bi yana tsinta, ya bar rabin kowane baiti a hagu."

Ta karanta a hankali, tana bi da bayan biro:

"Kai ɗana ka ƙi gargaɗi, duniya gidan wucewa,
Ba ni ba kai a gobe can, in ka ƙi tuba da dainawa."

"Wannan 'ɗana' kowa ne, har ni da ke. Wasiƙa kuwa da an ga gaisuwa a sama, daga wane zuwa ga wane, da sawun ninki. Wasiyya da an ga sunayen shaidu. Nan babu ko ɗaya."

Hankalin Auta ya ɗan kwanta, amma ta san ubanta. Taurin kai a gidansu gado ne.

"Malama, zai ce Kaka ne ya zauna ya tsara masa waƙar."

"To, mu duba shekarunta. Amma ki sani, hoto ba ya ba ni shekara, alama kawai yake ba ni." Ta ƙara buɗe hoton. "Alƙalamin kara ne, ga kaurin layi yana canzawa. Tawadar ta koma ruwan ƙasa, har ta ci takardar a wurare. Dubi harafin fa ɗin nan, ɗigonsa a ƙasa yake, irin tsohon salo. Amma har yau akwai masu rubuta haka, don haka bai isa hujja ba. Takardar tana hannun wa?"

"Gwaggona."

"Kira ta. Ta ɗaga ta a taga, rana ta bayanta, ta ɗauko mana hoto."

Kai, aka sha fama! Hoton farko babban yatsan Gwaggo ne. Na biyu labule. Auta ta cije leɓe tana cewa, "Gwaggo, don Allah takardar, ba tagar ba." A na huɗu abin ya fito: siraran layuka a jikin takardar, da jinjirin wata uku a jere, kamar inuwa.

"Yawwa," in ji Malama. "Wannan tambari tun wurin yin takardar ake saka shi. 'Yan kasuwa ke kawo irinta daga ƙetare, kuma yayinta ya wuce kafin a haifi babanki. Mutum yana iya ɓoye farar takarda ya yi rubutu daga baya, ban hana ba. Amma takarda da tawada da hannu duk sun nuna tsufa tare. In kin tambaye ni, kakanki ma gadonta ya yi."

Sai ta nuna can ƙasa, kusurwar hagu, inda wata kalma take zaune ita kaɗai.

"Irin waɗannan littattafai ba a ɗinke su, warwara suke. Don kada shafuka su rikice, mai kwafi yakan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a nan. Kin ga ashe maganar ba ta ƙare ba. Tsakiyar littafi ce."

"Mece ce kalmar?"

"Dawo."

Auta ta isa gida rana na tsaka. Baba yana kan tabarma a inuwar baranda, abincin safe a rufe a gefensa. Ta zauna ta zayyana masa komai: gida biyu, jan ɗigo, wata uku. Yana ji, fuska a ɗaure. Ta karanta masa baitukan cikakku daga takardar da Malama ta rubuta mata da boko. Nan ya ɗan ɗaga kai.

"Sake faɗa."

Ta sake. Sannan ta ce, "Shafi na gaba ya ɓata, Baba. Kalmar farkonsa kawai muka sani, wai 'dawo'."

Leɓensa ya fara motsi. Can sai murya ta fito da wani kari da Auta ba ta taɓa ji ba:

"Dawo tun da sauran rana, ba a korar mai dawowa."

Hawaye na bin gemunsa.

"Ita mahaifina yake rerawa in yana yi mini aski," ya ce. "Ina ɗan shekara biyar, kaina a kan gwiwarsa. Ya ce shi ma a bakin babansa ya ji ta. Wayyo, ni da na manta!"

Daɗi ya kama Auta. Ta share ido da gefen mayafi, ta jawo kofi.

Baba ya miƙo tafin hannu da kansa.

"Kawo ƙwayar nan. Kuma ki kira mini gwaggonki, in ji ko akwatin tana da sauran shafuka."