Robot Ba Ya Zuwa Juma'a

Mika'ilu ya sayar da babur ɗinsa ne don ya shiga cinikin kuɗin waje ta intanet. Malam Sabo mai faci ya saya, ya ce zai ajiye masa har ƙarshen damina. In ya dawo da kuɗi ya hau abinsa, in bai dawo ba ya fita hakkinsa. Da babur ɗin yake kai Inna asibiti ganin likitan ƙafa. Ita kuwa ta koma hawa Keke Napep.

Ba shi ke saye da sayarwa ba. Wata manhaja ce, masu harkar suna ce mata robot, ita ke lura da farashi tana shiga tana fita. Sharaɗinta ɗaya: kwamfuta a kunne, intanet a haɗe. A Tudun Wada kuwa wannan roƙo ne. Batirin laftof ɗinsa ya daɗe da mutuwa, ana ɗauke wuta sai ta mutu tare da fanka. Sau nawa robot na gab da rufe ciniki da riba, sabis ya tsinke.

Kato, abokinsa tun sakandare, mai shagon buga takardu a unguwar Kongo, shi ya kawo shawara. Ya ce akwai kwamfutar haya, ana ce mata saba, tana can Turai a ɗakin da wuta ba ta ƙiftawa, kuɗinta a wata bai kai na man janareta ba. Ya ɗora masa robot a kai, ya nuna masa yadda zai leƙa ta daga laftof ko waya.

"Malam, wannan taga ce kawai," in ji Kato. "Ka rufe ta, yana can yana aikinsa. In tsayar da shi za ka yi, ga maɓallin nan. Cinikin da ke buɗe kuma ka rufe da hannunka."

"Na ji, Fasto," in ji Mika'ilu, don Kato akwai wa'azi.

"Ba ka ji ba. Lissafin riba kake."

Gaskiyar Kato ce. Makonni suka yi kyau. A ɗauke wuta, a yi ruwa, sabis ya tafi Kwangila ya dawo, robot bai san ana yi ba. Mika'ilu har ya fara bi ta gaban rumfar Malam Sabo yana duba babur ɗin da ido.

Akwai rana ɗaya da kowa a harkar yake tsoro: yawanci Juma'ar farko ta wata, lokacin da Amurka ke fitar da rahoton ayyukan yi, farashi ya haukace. A nan kuwa daidai lokacin tafiya masallaci yake faɗowa. Robot ɗin Mika'ilu irin wanda in farashi ya juya masa baya sai ya ƙara shiga da kaso mafi girma ne, yana jiran ya dawo. Tun robot yana kan laftof dabarar Mika'ilu ɗaya ce: ya ga ba ciniki a buɗe, ya kashe ta, ya ɗauki darduma. Hannunsa ya saba.

Ranar ma haka ya yi. Ya leƙa, ba komai a buɗe. Ya rufe tagar, ya kashe laftof, ya bar waya a caji tunda an kawo wuta. Ya yi salla hankali kwance, ya tsaya gaisuwa, ya sayo wa Inna lemo.

Da ya dawo ya tarar da kiran Kato a jere. Bai kira shi ba, ya buɗe asusun. Farashi ya tafi hanya ɗaya bai waiwayo ba. Robot ya shiga, ya ƙara, ya sake ƙarawa, har kamfanin dillancin da ke riƙe da asusun ya rufe komai da kansa don jarin ya kasa ɗauka. Abin da ya rage ko tayar baya ba zai saya ba.

Da yamma Kato ya zo. Bai ce na faɗa maka ba. Ya zauna bakin katifa yana juya makullin shagonsa.

"Ban danna maɓallin ba," in ji Mika'ilu.

"Na sani."

Suna zaune aka ɗauke wuta. Fanka ta yi ta lilo har ta tsaya. Mika'ilu ya dubi laftof ɗin. Wata da watanni yana zagin wannan duhun, ashe sau da yawa shi ke riƙe masa hannun robot.

Inna ta ɗaga labule, ta tambaya ko zai samo mata mai Keke da wuri ran Litinin, don layin likita na da tsawo. Ya ce to.

Washegari ya je wurin Malam Sabo da ƙafa, ya ce masa kada ya jira ƙarshen damina. Malam Sabo ya dube shi, ya goge hannu da tsumma, ya ce dama wani malamin makaranta daga Dutsen Abba ya taya babur ɗin.